Wayarka ba rumbu ba ce: kafin ka goge, fara sanin abin da ba zai dawo ba

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, kusan kowannenmu wayarsa cike take da sauti: karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, waƙoƙin Hausa na rage kewar gida, fodkas, ga kuma rikodin ɗin lacca. Sai ranar da wayar ta ce wuri ya ƙare, WhatsApp ya ƙi buɗe takardar da malami ya turo, mutum ya hau goge-goge cikin gaggawa. Ni dai a ganina, yawancinmu ba ƙarancin wuri ne matsalarmu ba. Matsalar ita ce muna ajiya ba lissafi, muna kuma gogewa ba lissafi.

Bari mu fara da lissafin, don ba shi da wuya. Nauyin fayil ɗin sauti ya dogara ne da tsawonsa da kuma lambar nan da ake rubuta kbps a gabanta. A 128 kbps, minti ɗaya yana cin kusan 1MB, awa ɗaya kusan 58MB. A 64, rabin haka ne. A 320 kuwa, awa ɗaya 144MB ce. In kana son sanin inda fayil ɗinka ya faɗa, raba nauyinsa da yawan mintocinsa. Karatun minti 60 da ya kai 140MB, to an ɗora masa kayan da bai buƙata, domin muryar mutum ɗaya yana magana tana fita tangaram a 64. Kiɗa ne ke son lamba mai ɗan yawa.

Mu ɗauki misalin waya mai 32GB wadda manhajoji da hotuna suka cinye, ya rage maka 5GB na sauti. Kana son tafsirin azumi cikakke, mu ce zama 30, kowanne awa ɗaya da rabi, awa 45 ke nan. A 128 zai ci 2.6GB, a 64 kuwa 1.3GB. Waƙoƙi 200 masu minti huɗu-huɗu, a 320 sun kai 1.9GB, amma a 96 ba su wuce 580MB ba, kuma da irin iyafis ɗin da muke saye a bakin get da wuya ka ji bambanci. Fodkas guda goma masu awa ɗaya-ɗaya a 128, wata 580MB ɗin. Laccar kwas ɗaya, awa biyu a mako har mako 12, in ka ɗauka a 64, kusan 700MB. Jimilla 3.2GB, har da canji. Da manyan lambobin ka bi, tafsiri da waƙoƙi kaɗai sun cinye 4.5GB, ba ka ma taɓa lacca ba. In kuwa rikoda ɗinka yana kan WAV, awa ɗaya na iya haura 600MB, kwas ɗaya ya isa ya cika wayar. Shiga saitinsa yau ka mayar M4A ko MP3.

Na san abin da wani zai ce: data ta yi tsada, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, don haka abin da ka sauke da kuɗinka ba ka goge shi. Wannan magana tana da gaskiya, amma rabi. Fodkas ɗin da ka riga ka saurara wata uku da suka wuce, yaushe za ka koma masa? Kana adana datar da ta riga ta yi aikinta, tana tare wa abin da kake buƙata gobe hanya. Shi ya sa nake ganin a daina kasa fayiloli bisa girma, a kasa su bisa tambaya ɗaya: in na rasa wannan, zan iya samo shi kuma?

Kashi na farko shi ne wanda babu shi ko'ina sai a wayarka: rikodin ɗin lacca, hirar da ka yi da mutane don furojet, gyaran da sufabaiza ya aiko ta saƙon murya. Wannan ya kamata ya kwana a wuri biyu a ranar da aka ɗauke shi, ko kwamfuta ko Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta. Wanda ya je har ƙauye ya yi hira da dattawa goma, fayil ɗin ya ɓace saura wata guda difens, ba data zai saya ba, kuɗin mota zai nema, kuma ba lallai ya samu mutanen yadda ya bar su ba. Kashi na biyu shi ne wanda ake samu da ɗan wahala, kamar tsofaffin karatuttukan malamai da wani ya tura maka ta Xender. Su ne na memori kad. Kashi na uku, waƙoƙi da fodkas na cikin manhaja, su ne za su riƙa shiga suna fita.

A kashi na ukun nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Waƙar da ka sauke a cikin Spotify ba taka ba ce, aro aka ba ka. Ba za ka iya tura ta ko buɗe ta da wata manhaja ba, kuma in ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba, sai ta ɓace. Haka nan a saitin waya akwai Clear cache da Clear data, wasu wayoyin su rubuta Clear storage. Na farkon tarkacen wucin gadi yake sharewa. Na biyun kuwa yana kwashe duk abin da ka sauke a manhajar, har ya fitar da kai daga akawun. Ka yi tunanin ka danna shi daren da za ka hau mota daga Ibadan zuwa Kano. Ga masu fodkas, ku rage yawan shirye-shiryen da ke sauka da kansu, ku kunna gogewa bayan saurare. AntennaPod kyauta ce kuma tana da wannan tsarin.

Sai ɓarawon da ke cikin gida, wato WhatsApp. Guruf ɗin MSSN, guruf ɗin 'yan jiha, guruf ɗin aji, wa'azi ɗaya sai ya shigo maka sau uku. Je ka Settings, Storage and data, ka cire Audio daga Media auto-download, sannan ka shiga Manage storage ka ga guruf ɗin da ya fi ci maka wuri. Amma kada ka share hirarka da sufabaiza sai ka fitar da saƙonnin muryarsa tukuna.

Game da memori kad, in wayar ta tambaye ka yadda za ta yi amfani da shi, zaɓi na ajiya mai cirewa. In ka haɗe shi da ma'ajiyar waya, za a kulle shi da wannan wayar kaɗai, ranar da ta mutu kad ɗin ba zai buɗu a wata ba. Kuma ka yi hattara da kad mai 128GB da ake sayarwa a kuɗin na 16. Irin wannan yakan nuna babbar lamba, ya karɓi fayiloli lafiya lau, sai ya wuce ainihin ƙarfinsa ka tarar sunaye na nan amma sauti ba ya buɗuwa. Kafin ka ɗora masa komai mai muhimmanci, gwada shi a kwamfuta da H2testw, ko ka cika shi taf sannan ka buɗe fayilolin farko da na ƙarshe.

Don Allah, wanda duk yake da hirar furojet a waya kaɗai, ya kwafe ta yau kafin ya kwanta. Sauran gyaran ya jira ƙarshen mako. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya mayar da mu gida lafiya.