"Bincike ya gano": ko karas na hana kansar huhu?

Da wuya ka buɗe WhatsApp ko TikTok a 'yan kwanakin nan ba ka ci karo da saƙo mai farawa da "bincike ya gano" ba. Wai masu cin kaza ba sa kamuwa da ciwo kaza. Nan take sai mu tura zauren 'yan uwa, washegari Hajiya ta sauya cefane. Kafin ka tura na gaba, tsaya ka ji labarin karas.

Shekaru da dama masana suna lura cewa mutanen da ke yawan cin karas da ganyaye sun fi ƙarancin kamuwa da kansar huhu. Ko da aka gwada jini, waɗanda ke da sinadarin beta-karotin da yawa, wato abin da ke ba karas launinsa, su ne suka fi tsira. A 1981 manyan masana irin su Richard Peto da Richard Doll suka yi tambayar a fili: shin wannan sinadari zai iya rage kansa?

Lura fa, duk wannan binciken sa ido ne. An tambayi mutane abin da suke ci, aka bi su shekaru ana ƙirga waɗanda suka kamu. Babu wanda aka zaɓar wa abinci.

Sai aka yi gwaji na gaske a ƙasar Finland, da maza 29,133 masu shan sigari, 'yan shekara 50 zuwa 69. Ƙuri'a ce ta raba su: rabi suna shan miligiram 20 na beta-karotin kullum, rabi ba sa sha, kuma babu wanda ya san abin da ke cikin ƙwayar da aka ba shi. Sakamakon da ya fito a 1994 ya girgiza masana. Kansar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin ɗari a wajen masu shan sinadarin. A Amurka ma an yi makamancinsa da mutum fiye da 18,000, an haɗa musu da bitamin A, aka ga ƙarin kashi 28 cikin ɗari. Dole aka dakatar da gwajin a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba. Garin neman gira, an so a rasa ido.

To ina aka yi kuskure? Mai yawan cin ganye ba a kwanon abinci kaɗai ya bambanta da sauran mutane ba. Galibi ba ya shan sigari, ko yana sha kaɗan, ya fi motsa jiki, ya fi samun kuɗin zuwa asibiti. Ita kanta sigarin tana rage beta-karotin a jini. Ka ga kenan sigari na iya haddasa abu biyu a lokaci guda, ƙarancin sinadarin da kuma kansar, sai a ɗauka ɗaya ne ya jawo ɗaya. A unguwa mukan ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, amma a bincike ganin abu biyu tare bai isa a yanke hukunci ba.

Amfanin ƙuri'a kenan. Tana watsa masu kuɗi da talakawa, masu zuƙar kwali guda da masu kwali biyu, kusan daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Abin da ya rage na bambanci shi ne ƙwayar.

Akwai wani tarkon kuma, inda ake juya labari. Ana samun alaƙa tsakanin shan lemon da ba sukari da ciwon suga. Amma su wa suka fi komawa irin wannan lemon? Waɗanda ƙiba ta fara damu, ko likita ya riga ya gargaɗe su. Ta yiwu haɗarin ciwon ne ya kai su ga lemon.

Kar ka ce na ce a daina cin karas. Ƙwaya aka gwada, mai ɗauke da ninkin abin da mutum ke samu a abinci sau da yawa, kuma a jikin masu haɗarin kansa. Haka nan binciken sa ido yana da ranarsa, domin da shi aka kama sigari. Sai dai a can haɗarin ya kan ninka sau goma ko fiye, yana ƙaruwa da yawan karan da aka sha, yana raguwa in an daina, kuma an ga haka a ƙasashe daban-daban. Binciken abinci kuwa sau da yawa bambancin kashi 10 ko 20 cikin ɗari yake nunawa, wanda wani ɓoyayyen dalili zai iya haifarwa.

Saboda haka in saƙon ya sake shigowa, duba ko masu binciken cewa suka yi "yana da alaƙa da", mai saƙon ya mayar da shi "yana haddasawa". Ka tambaya: kallon mutanen aka yi, ko raba su aka yi da ƙuri'a? Da me kuma suka bambanta ban da abincin? Ciwon ne ya fara zuwa ko abincin? In saƙon bai amsa ko ɗaya ba, bar shi a wayarka, kar ya kai ga tukunyar Hajiya.