Littafin bashin mai shago: wace irin manhaja za ta iya zama a gurbinsa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban shagon unguwa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san littafin nan da ke ƙarƙashin teburi, wanda mai ya jiƙa gefensa. A cikinsa ake rubuta bashin shinkafa, sukari da sabulu, har ranar da albashi zai fito, ko kaka ta yi, ko ɗan da ke Libiya ko Abijan ya aiko ta Nita ko Amana. Yanzu matasa masu ilimin na'ura suna ta shawarar a mayar da littafin cikin wayar salula. Mun duba maganar, mun ga abubuwa uku ne za su sa manhajar ta karɓu ko a watsar da ita.

Ba sabon tunani ba ne. A Indiya akwai Khatabook da OkCredit, a Indonesiya akwai BukuWarung, dukkansu domin masu ƙananan shaguna aka yi su: ka rubuta sunan mutum, abin da ya karɓa da abin da ya biya, waya ta fitar da saura. Sai dai an ɗinka su ne daidai da kasuwar can, tamu kuwa da nata lissafi.

Abu na farko shi ne ƙirgen kuɗi. Mu nan da dala da jikka muke magana, alhali a takarda tamma ake rubutawa. Dala ɗaya tamma 5 ce, dala ashirin 100, dala ɗari 500, jikka kuma 1,000. Bari mu ɗauki misali. Wani magidanci ya karɓi shinkafa ta jikka biyu da dala ɗari ranar Asabar, wato 2,500. Ranar Talata ya aiko yaro ya karɓi sabulu na dala sittin, wato 300. Ranar Alhamis uwargida ta aiko a ba da mai na dala ɗari da hamsin, wato 750. Jimilla 3,550 ke nan. Ɗansa ya aiko da jikka biyu, saura 1,550, abin da mai shago zai kira jikka ɗaya da dala ɗari da goma.

To ga inda matsalar take. Idan mai shago ya danna 60 yana nufin dala sittin, manhajar kuma ta ɗauka tamma 60 ce, ya yi asarar 240 a sabulu. Ya danna 150 a mai, 600 sun tafi. A gida ɗaya, cikin mako ɗaya, 840 sun ɓace, kuma ba wanda ya yi sata. A littafi hakan ba ya faruwa sosai, don mai shi ya san abin da hannunsa yake nufi. Saboda haka dole manhajar ta tambayi mutum tun ranar farko da me yake ƙirge, ta riƙa nuna kuɗin ta fuska biyu, sannan ta karanto shi da murya cikin Hausa kafin a adana: "Dala sittin, tamma ɗari uku." Wanda bai yi boko ba zai ji kuskure da kunnensa. A garuruwan iyaka kamar Ɗan Isa, Magarya da Birnin Ƙonni, sai an ƙara wani abu: kowane bashi a rubuta ko na sefa ne ko na naira, domin canji yana motsi, kuma rigima tana tashi ranar biya idan ba a faɗa ba tun farko.

Abu na biyu, littafi ba ya neman caji, ba ya neman rezo. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, birane suka shiga ɗauke wuta na sa'o'i. A ƙauyuka da yawa kuwa har gobe wurin mai caji ake kai waya. Manhajar da sai da intanet take buɗewa ba ta shago ba ce. Ya kamata lissafin ya zauna cikin wayar, in rezo ya samu ta aika kwafi waje ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe intanet ɗin wayar, a rubuta bashi, a kashe ta a kunna. In rubutun yana nan, an tsallake mataki ɗaya.

Sai tambayar da ake mantawa: in an sace wayar, ko kamfanin ya rufe fa? Wannan ya taɓa faruwa. A shekarar 2023 manhajar BukuKas ta Indonesiya ta daina aiki, aka ce wa masu shaguna su sauke bayanansu kafin ranar rufewa. Don haka mai shago ya nemi hanyar fitar da jerin sunaye da saura duk ƙarshen mako, ko zuwa katin memori, ko zuwa wayar wani amintaccensa, ko ya kwafa da hannu. A ganinmu kada a jefar da littafi a watannin farko. A tafi da su tare, duk Juma'a a gwada jimillar biyun. In sun saɓa, a fara duba ko bambancin ninki biyar ne a wani layi, don wannan alamar dala da tamma ce suka cakuɗe.

Abu na uku ya fi nauyi, domin ya shafi mutunci. Raunin littafi shi ne hannu ɗaya ke rubuta shi. Yaro ya karɓi kaya, maigida bai sani ba, ranar biya a hau musu. Nan waya za ta yi amfani: duk lokacin da aka ƙara bashi ko aka biya, gajeren saƙo ya je wayar maigida, ko ƙaramar waya ce mai madannai, da rana da kuɗi da saura. Kuma kada manhajar ta yarda a goge layi. In an yi kuskure, a rubuta gyara a ƙasa, tsohon ya tsaya a gani. Saƙon yana cin kuɗi, shi ya sa a ƙananan saye zai fi kyau a tara na mako a aika sau ɗaya.

Ƴan uwa da ke ƙetare, mun san wasunku za su so saƙon ya riƙa zuwa musu kai tsaye, tunda su ke biya. Tunani ne mai kyau, amma da sharaɗi: sai maigida ya yarda da bakinsa. Dattijon da ya karɓi tiyar hatsi bashi a lokacin bazara ba lallai yana son ɗansa ko surukinsa ya sani ba. Haka ma saƙon tuni da ke fita da kansa. In ya faɗa wayar da gida duka ke amfani da ita, asiri ya tonu, mai shago kuma ya rasa abokin ciniki na shekaru. Shi ya kamata ya zaɓi wanda za a tunasar da ranar da za a yi, domin shi ya san wanda aka yi wa rasuwa da wanda ke jiran kaka. A Nijar, sunaye da lambobin masu bashi suna cikin irin bayanan da doka ta kare.

Manhaja ba za ta sa wanda ba shi da kuɗi ya biya ba. Abin da za ta iya shi ne ta nuna wa mai shago nawa ne jarinsa ke waje, da sunayen da suka yi kwana 60 ba su kawo ko dala ba, kafin ya je sari ya tarar aljihu ba komai. Duk matashin da ya kawo muku irin wannan manhaja, ku ba shi lissafin magidancin nan ya shigar a gabanku, intanet a rufe. In ta ce saura jikka ɗaya da dala ɗari da goma, sai a zauna a yi maganar farashi.