Mai Sayen Sabulu a Mainika Ma Yana Biyan Haraji

Akwai maganar da ’yan boko ke yawan maimaitawa, wai mutanen karkara ba sa biyan haraji, saboda haka ba su da bakin tuhumar gwamnati. Wannan magana ba ta da tushe, kuma katan ɗaya na sabulu ya isa ya rushe ta.

Harajin VAT ya fara aiki a Nijeriya a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Ba a karɓarsa a dunƙule. Kowane ɗan kasuwa mai rajista yana ɗora shi a kan abin da ya sayar, ya cire wanda ya biya lokacin saye, ya miƙa wa hukuma ragowar.

Mu ƙaddara wata masana’anta a Sharaɗa ta sayi kayan haɗi na naira 4,000. Za ta biya harajin 300, wanda mai kayan zai miƙa. Ta sayar wa dila a Kasuwar Singa katan ɗin a kan 10,000, ta karɓi harajin 750, ta cire 300 ɗinta, ta miƙa 450. Dila ya sayar a kan 12,000, ya karɓi 900, ya cire 750, ya miƙa 150. Jimillar abin da ya shiga baitulmali 900 ke nan, kuma cikin ukun nan babu wanda ya yi asarar ko kwabo. Idan kamfani ya yi tinƙaho da VAT ɗin da ya “biya”, kuɗin wasu ya tattara.

A hannun mai shagon Mainika, can ƙasar Gwarzo, sarƙar ke tsinkewa. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba nauyin karɓar VAT. Sauƙi ne, amma wanda ba ya karɓa ba shi da inda zai cire wanda ya biya. A wurinsa katan ya tsaya 12,900, ban da kuɗin mota. Sai ya raba 900 ɗin a kan kowane sabulu, matar da ta aiko yaro ta biya, ba rasit, ba ta ma san an karɓa ba.

Gaskiya ne ba kullum nauyin ke sauka gaba ɗaya a kan mai saye ba. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kuɗi ya yi wuya, mai shago kan ji tsoron ƙara farashi, ya haɗiye wani ɓangare daga ribarsa. Ko a hakan, daga aljihun Mainika kuɗin ya fita. Kayan abinci na yau da kullum ba sa cikin harajin, amma sabulu, katin waya da kwanon rufi suna ciki.

Kashi 35 cikin ɗari na kuɗin VAT rabon ƙananan hukumomi ne. Matar nan tana da cikakken hurumin tambayar sakatariyar Gwarzo inda nata kason ya shiga.