Gaisuwar Salla Ta Waya: A Raba Mutane Kafin A Aika

Ina so in yi magana a kan barka da Salla da ake aikawa ta WhatsApp. A Sallar da ta wuce wani tsohon almajirina ya aiko mini da hoton masallaci da fure, bisa kansa an rubuta Forwarded, watau turowa aka yi daga wani wuri. Ban amsa ba. Ba fushi na yi ba, sai dai ban ga alamar ni ake gayarwa ba.

To, mai abokan ciniki 300 ba zai iya rubuta wa kowa wasiƙa ran Salla ba, wannan gaskiya ne. Domin haka akwai hanya da ake kira New broadcast, wadda ke ɗaukar mutum 256 a jeri guda. Saƙon yakan isa wa kowa shi kaɗai, ba ya ganin sauran, in ya amsa ma kai kaɗai za ka gani. Amma fa ba ta da gurbin da za ta sa wa kowa sunansa. Abin da Alhaji ya karanta shi ne yaron shago zai karanta. Saboda haka dabarar duka tana wajen raba mutane.

A ce mai sayar da atamfa ne a Kantin Kwari, da lambobi 300. Da farko ya fitar da mutum 20, malamansa da surukai da uban gidansa na kasuwa. Waɗannan ba a sa su a jeri ko kaɗan. A je da ƙafa, in nisa ya hana a buga waya. Sa'an nan dangi da aminai 40, kowa a yi masa magana da murya, a ambaci sunansa, a tambayi jikin mahaifiya ko karatun yaro. Daƙiƙa 15 ta isa mutum guda, duka minti 10 ke nan. Saura 240 su ne na jeri, a kasa su biyu, maza 180, mata 60.

Dalilin wannan rabo harshenmu ne. Hausa ba ta barin mutum ya ɓuya: ko ka ce "ka", ko ka ce "ki". Wanda ya aika wa Hajiya "Allah ya maimaita maka" ya tona kansa. Wasu kan gudu zuwa "ku", tun da ana girmama mutum guda da ita, kuma tana yi, muddin ba a haɗa ta da "jama'a" ko "ɗaukacin 'yan'uwa" ba, gama waɗannan kalmomin mai shela ne. Ni dai na fi son a raba. Ga maza sai ya rubuta, "Salamu alaikum. Barka da Salla, da fatan ka yi Idi lafiya da iyali. Na gode da cinikin bana. Shago zai buɗe ran Litinin." Layi uku, da irin maganar da yake yi a bakin shago, ba hoto. Zancen buɗe shagon nan shi ke nuna daga hannunsa ta fito, domin ba wanda zai turo wannan daga wani wuri.

A rubuta da hannu, ko a kwafa a manna, kada a danna turawa. Tun 2018 WhatsApp ke sa wa saƙon da aka turo alama, tun 2019 kuma ba ta barin a tura wa fiye da biyar a lokaci guda. Manhajojin bayan fage da ke alkawarin sa sunaye da kansu, a guje su, suna iya jawo a rufe lambar, da ita da abokan cinikin da ke cikinta.

Akwai tarko guda da yawanci ba su sani ba. Saƙon jeri ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Kana nan kana zaton ka gai da mutum, alhali bai ga kome ba. Kashegari ka danne saƙon, ka duba bayaninsa. Wanda kwana ya wuce ba a nuna saƙon ya shiga wayarsa ba, mai yiwuwa bai ajiye ka ba, sai ka aika masa shi kaɗai. Kafin aikawa kuma a duba jerin bara, a cire wanda ya rasu, da wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, shi ta'aziyya ta kamace shi tukuna.

Amma ina jan kunne. Kada a rubuta "kai ne na fara tunawa da safen nan" a aika wa mutum 180. Wannan ƙarya ce, kuma 'yan kasuwa kan zauna rumfa guda su nuna wa juna waya. Wanda ya amsa kuwa, a mayar masa da hannu, da sunansa, a yinin nan. In ba za ka iya amsa wa 240 ba, ka rage jerin.