Muryar Inna ta shiga, ta yaya za a fito da ita?

Jama'a, ga wani abu da ya tsaya min a rai tun zuwana gida Beli. Wani ƙanena ya samu ɗan aiki ta waya: wani kamfani da ba zan ambata ba yana turo masa jimlolin Hausa, a karanta, ya naɗi murya ya tura, a biya shi. Da shi za a horar da ƙirƙirarriyar basira ta iya jin Hausa. To madalla. Sai aka ce ana son muryar tsofaffi da ta yara, shi kuma ya miƙa wa Inna waya, ya jera ƙannenmu biyu. Na ce ina takardar amincewa? Ya nuno min wani dogon Turanci da shi kaɗai ya latsa wa "I agree".

Masu cewa Najeriya ba ta da doka, ba haka ba ne. Akwai Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumarta NDPC. Sashe na 26 ya ce shiru ba amincewa ba ne, kuma mai karɓar bayanan ne zai kawo hujjar cewa an yarda. Sashe na 31 ya ce yaro sai da izinin iyaye ko waliyyi. Ke nan latsawar ƙanena ba ta ɗaure Inna ba, balle yaran. Nan dokar ta yi magana sarai.

Inda take da giɓi shi ne abin da ke biyo baya. Sashe na 35 ya ba ka damar janye amincewarka duk lokacin da ka so. Idan sunanka ne a rajista, sai a goge layi ɗaya, shi ke nan. Amma horar da basira ba ajiya ba ce. Ana haɗa muryar Inna da ta dubban mutane, na'ura ta yi ta bi tana gyara lissafinta kaɗan-kaɗan, har ta koyi yadda ake furta ƙ da ɗ da ɓ. Bayan an gama, ko an goge fayil ɗin Inna, abin da aka koya daga gare ta yana nan, kamar gishirin da ya narke a miya. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a sake horarwar ba da ita ba, kuma wane kamfani zai kashe wannan kuɗin saboda tsohuwa ɗaya a Rogo? Dokar ba ta fayyace ko janyewa ta tsaya kan fayil ko ta kai ga abin da aka gina da shi ba.

Akwai kuma wata ƙofa. Sashe na 25 ya yarda a yi amfani da bayananka ba da izininka ba idan kamfani yana da halastacciyar buƙata, matuƙar ba ta danne haƙƙinka ba. Irin wannan hujjar Meta ta kafa a Turai don horar da basirarta da rubuce-rubucen da manya suka wallafa a fili. Hukumar Ayilan ta sa ta dakata a Yunin 2024, ba ta ci gaba ba sai Mayun 2025, bayan ta sanar da mutane ta ba su fom na ƙin yarda. A Ostireliya kuwa, a Satumbar 2024, wata jami'ar kamfanin ta amsa a gaban majalisa cewa ana ɗibar irin waɗannan rubuce-rubucen har na 2007, ba tare da wannan zaɓin ba. Kamfani ɗaya, hali biyu. Bambancin shi ne wa ya tsare shi. (Eh, na sani, wannan rubutun nawa ma a fili yake.)

Ra'ayina, tunda cirewa tana da wuya, ƙarfin ƙa'ida ya koma bakin shiga. NDPC ta fitar da ƙa'ida ta musamman: izinin horar da basira ya zama daban da na buɗe asusu, a bayyana shi da harshen mai muryar, da baki idan ba ya karatu, a naɗi amsarsa. A faɗa masa wa za a sayar wa, kuma a faɗa masa gaskiya cewa daga ranar kaza janyewa ba za ta fito da shi ba.

Na san wani zai ce wannan zai hana Hausa shiga fasaha. Ban yarda ba. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa, kuma tun farko yana faɗa cewa kowa a duniya zai iya ɗauka. Wanda ya ji haka ya ba da, ya ba da. Ni da na yi wa Inna bayani, cewa ta yi ba ta ƙi ba, amma ta so a ce ita aka tambaya. Na yaran kuwa na sa ƙanena ya rubuta wa kamfanin su goge, ya ajiye hoton saƙon da kwanan wata. Idan suka yi shiru, Sashe na 46 ya ba mu damar kai ƙorafi NDPC, kuma za mu kai.