A sauya riga, a bar wa mutum fuskarsa

A shagunan ɗaukar hoto da yawa, da zarar ka ce hoton neman aiki kake so, mai shago zai buɗe maka jerin kwat da taye a kwamfuta ya ce ka zaɓa. Kafin ka gama zaɓa ya haska fatarka, ya rage hancinka, ya share billen da ke kumatunka. Hoton ya yi kyau, amma mai ɗaukar ma'aikata zai dubi takarda ya dubi wanda ke zaune gabansa, ya ga kamar mutum biyu ne. Wannan na damuna, domin aikin irin wannan hoto shi ne ya sa a gane ka.

Ba na ƙin gyara. Ma'aunin da ƙwararrun masu gyaran hoto ke bi shi ne: abin da zai gushe da kansa cikin mako biyu ana iya cire shi, abin da ka zauna da shi kuwa a bar shi. Ƙurjin da ya fito jiya, da maiƙon goshi, da silin gashin da ya miƙe, duk ana share su. Launin fata, wushirya, furfura, sanƙo, tabon da ka girma da shi da zanen gado, waɗannan kai ne. A Photoshop ma bambancin a fili yake. Healing Brush na goge ɗan tabo ya bar fata da ƙwayoyinta, Liquify kuwa lanƙwasa siffar fuska yake yi, kuma ba shi da aiki a hoton da ake son ya yi kama da mai shi.

Mu ɗauki saurayi baƙi wuluk da ke neman aikin koyarwa, ya zo da farar shadda. Na'urar ɗaukar hoto tana auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya. In ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuskarsa ta nutse cikin duhu. Daga nan mai gyara zai ce bari ya haska ta, ya zarce, kamanni su tafi. Maganin ya fi sauƙi tun kafin a ɗauka: ya sa riga ruwan toka ko shuɗiya, maras ƙananan layuka, domin su kan haifar da wani zane mai rawa a allo. Ya tsaya ta yadda hasken taga zai zo masa daga gaba, ɗan gefe kaɗan. Aski kuma ya yi shi kwana biyu ko uku kafin ranar, don jan reza da ƙurajen aski su kwanta, ya taje gemu, ya ɗaga hula kada ta rufe goshi. Mace ma haka: ɗankwali ko hijabi ya zauna daidai, kada inuwarsa ta faɗo kan idanu.

Sai tazara, wadda mutane ba sa kula da ita. Hoton da ka ɗauki kanka da hannu yana sauya fuska tun kafin a taɓa shi. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery a 2018 ya nuna cewa daga tazarar santimita 30, hanci kan fito da faɗin da ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Ka ba wani wayar, ya ja baya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ya riƙe ta daidai tsayin idonka.

In babu yadda za a yi sai an ɗora rigar da kwamfuta, to ka duba wuya. A nan asiri ke tonuwa. Kai na kallon dama kafaɗa na kallon hagu, ko haske ya faɗo wa fuska daga wani gefe, rigar daga wani, ko a rasa inuwar da haɓa ke saukarwa kan kwala. Ni dai na fi son mutum ya ari kwat wajen abokinsa ya sa. Kuma ban ga dalilin da zai sa wanda kullum yake zuwa aiki da kaftani da hula ya bayyana da taye ba.

Duk wannan sassauci na hoton takardar neman aiki ne, da LinkedIn, da katin ma'aikata in wurin ya yarda. Hoton fasfo da biza ba a taɓa shi ko kaɗan. Amurka, misali, tana buƙatar hoton da bai wuce wata 6 ba, ba ta karɓar wanda aka sauya kamanninsa da kwamfuta, kuma tun 2016 ta hana sa tabarau a ciki. Ta yarda da rufe kai saboda addini, muddin fuska ta fito duka. Saboda haka ka ce wa mai shago ya ba ka asalin hoton da bai taɓa ba tare da gyararren, domin shi za ka miƙa a irin waɗannan wurare.