Jajen Wanda Aka Karɓe Wa Makulli

Sau biyu cikin shekara huɗu aka garƙame iyakar Jibiya. A watan Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ko da aka buɗe su Illela da Maigatari a Disamba 2020, ta Jibiya sai Afrilu 2022. Mutane ba su gama biyan bashin wancan zama ba sojoji suka kifar da Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har Maris 2024. A Farfaru da Magama da cikin garin Jibiya, wannan na nufin direban layin Maraɗi ya ajiye mota, ɗan kamasho ya rasa wanda zai yi wa lodi, ɗan dako ya wuni hannu rabbana, mai canjin sefa ya naɗe tabarmarsa. Ba wanda aka ba takardar sallama, amma aiki ya tafi.

Abin da ya dame ni shi ne yadda muke gaishe da irin waɗannan mutane. Mun ƙware a gaisuwar mutuwa: akwai tabarma, akwai kwana uku, kowa ya san ya ce "ya haƙuri", a amsa masa "haƙuri sai ma'aiki". Gobara ma mun iya jajenta ta. Rashin aiki kuwa ba shi da zaman makoki, sai bakinmu ya bi hanyar da ya saba. Ka tarar da mutum a gindin bedi da hantsi, lokacin da a da ya wuce Ɗan Isa da fasinja, ka ce masa, "Ina kwana, ina gajiya, ya aiki?" Amsar guda ɗaya ce, "aiki da godiya". Ka tilasta masa ya gode wa abin da ba shi da shi, a gaban mutanen da duk sun sani.

Bari in ba da misalin wani direba da na sani, magidanci mai 'ya'ya, wanda motar da yake ja ba tasa ba ce. Da aka rufe iyaka a 2023 ya koma layin Katsina, inda motoci suka yi yawa fasinja ya yi kaɗan, balas ya daina cika. Wata ranar Lahadi bayan an tashi kasuwar Jibiya maigidansa ya karɓi makulli, ya ce zai sayar da motar. Kafin isha'i labari ya zaga unguwa.

Na farko da ya je masa a majalisa ya same shi, ya ɗaga murya: "Kai, me ya haɗa ka da Alhaji?" Wannan tuhuma ce sanye da rigar jaje, don ta riga ta yanke cewa akwai laifi, saura a ji na wane ne. Na biyu ya ce, "Haba, ai kowa ma haka yake, ka ga su wane ma a zaune suke." Gaskiya ya faɗa, kuma a garin iyaka ita ce maganar da ta fi zuwa baki. Sai dai yunwar maƙwabci ba ta rage kukan yaron gidanka. Mutumin da ka ce wa kowa ma haka yake, ka hana shi ikon cewa nasa ya yi masa zafi. Na uku wa'azi ya kawo, cewa arziki na Allah ne, a tashi a nema. Direban ya san haka tun yana makarantar allo, kuma shekara da shekaru asuba a tasha take yi masa.

Wanda ya iya kuwa wani tsohon abokinsa ne mai facin taya. Bai je majalisa ba. Ya bari sai bayan magariba, ya yi sallama a ƙofar gida, suka zauna a zaure su biyu. Ya gaishe shi da yini, ya tambayi iyali da yara, ya tsallake aiki da kasuwa kamar ba a taɓa yin su a gaisuwa ba. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Mutumina, ashe abin da ya faru ke nan? Ya muka ji da wannan abu? Allah ya musanya da mafi alheri." Daga nan ya ja bakinsa.

A duba abin da ke cikin waɗannan kalmomi. "Ashe abin da ya faru ke nan" ta sauke masa nauyin ba da labari: na riga na ji, ba sai ka maimaita da bakinka ba. "Muka ji" ta shigar da mai gaisuwa cikin asarar. Addu'ar musanyawa kuma tana da asali, ita ce ma'anar addu'ar da Ummu Salama ta ruwaito ga wanda masifa ta sama, kuma ta amince cewa an yi rashi. Ta bambanta da "Allah ya sa haka ne mafi alheri", wadda mai abin ne ya fi dacewa ya furta da kansa in zuciyarsa ta kai wurin. In kai ka riga shi, sai ta zama kamar kana gaggawar rufe zancen. "Allah ya kiyaye gaba" ma a bar wa wanda ya yi hatsari ko aka yi wa sata. Ga wanda aka sallama, kunnensa na iya jin "ka kiyaye".

Shirun shi ne mai wuya. Mu Hausawa muna tsoron shiru a zaure, sai mu cike shi da labarin wani da aka kora ya zama attajiri. Mai faci ya bari har direban ya buɗe baki da kansa, kuma abin da ya fito ba zancen mota ba ne. Kuɗin makarantar 'yarsa ne, da bashin mai awo, da yadda zai dubi surukinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba za ka ji ba in kai ke ta magana.

Haka abin yake ga yaron da sakamakon WAEC ko NECO ya fito babu kiredit a Turanci ko lissafi. Kada "nawa ka ci?" ta zama gaisuwarka, balle a gaban sa'o'insa da suka haye. Zancen sake zama da kuɗin rajista yana da ranarsa, amma ba ranar da ya duba sakamako ba ce.

Za a ce mini addu'a ba ta cika tukunya, kuma ban musa ba. Jajen da ya tsaya a baki, daga wanda yake da hali, rowa ce mai ladabi. Amma bayarwar ma tana da tsari. "In kana buƙatar wani abu ka faɗa mini" ba tayi ba ne, domin magidancin da jiya yake ba wasu ba zai faɗa ba. Mai faci bai miƙa masa ko sisi a zaure ba. Washegari matarsa ta aika wa matar direban tiya biyu ta gero da ɗan kuɗin cefane ta hannun yarinya, abin ya wuce a matsayin zumuncin mata. Bayan kwana biyu ya leƙo ya ce wani mai ɗaukar kayan gwari zuwa Katsina yana neman wanda zai riƙa karɓarsa tuƙi ranar kasuwa, ya kuma ƙara da cewa, "Na ce masa sai na tambaye ka tukuna, ban sani ba ko kana da wani uzuri." Ya san sarai babu uzurin. Ya dai bar masa damar ya amsa kamar mai zaɓi.

Inda akasarinmu muke faɗuwa shi ne mako na uku. Ranar farko kowa na zuwa, har da masu son jin gulma. Bayan nan sai a fara kauce masa a hanya don tsoron kada ya nemi rance, shi ma ya lura, ya daina fitowa majalisa, ya koma sallar asuba a ɗaki. Wannan janyewar ita ce alamar da ya kamata aboki ya sa wa ido, ta fi kuka nuna cewa abin ya ci shi. Mai faci ya ci gaba da biyo masa duk Juma'a su tafi masallaci tare, kuma bai sake ambatar makulli ba sai ran da direban ya tayar da zancen da kansa.